Sunan Gidanku Daga Ina Ya Fito? Sana'a, Kaka ko Sarauta

Abin da ke hannunka taƙaitawa ce ta hirar da muka yi a filinmu na tarihi da al'ada, wadda wasiƙar wani mai sauraro daga Zangon Kumasi ta jawo. Ya ce sunan gidansu Madugu, haka yake a katinsa, haka yake a takardun 'ya'yansa. Ya tashi yana jin cewa kakansu ne ya riƙa jan ayarin goro daga Kano zuwa Gwanja. To, kwanan baya sai wasu mutane suka ɓullo daga wata ƙasa maƙwabciya, takardunsu ɗauke da Madougou, suka ce su ma jinin gidan ne, kuma suna da rabo a tsohon gidan gado. Tambayarsa biyu ce: shin sunan kaɗai ya isa shaida, kuma ta ina mutum zai fara bincike?

Amsar ta farko gajera ce: bai isa ba. Ta biyun ce ke da tsawo, kuma sai mun ɗan koma baya kafin mu kai gare ta.

Ka fara riƙe wannan, domin kusan duk ruɗanin daga nan yake tasowa. Bahaushe a da ba shi da abin da takardun yau ke kira sunan iyali, wato suna guda da uba da ɗa da jika za su riƙa ɗauka ba canji. Abin da yake da shi sunan yanka ne, da laƙabi, sai kuma a jingina shi ga ubansa ko garinsu ko sana'arsa idan ana son bambanta shi da wani: Audu ɗan Garba, Audu na Bebeji, Audu maƙeri. Idan Audu ya haifi Musa, Musa ya zama Musa ɗan Audu, sunan Garba kuma ya faɗi. Haka abin yake tafiya, kowane ƙarni da nasa. Dangi kuwa ana saninsu da wasu alamu daban, irin su askar fuska, da kirarin gida, da sunan zuriya kamar Agalawa ko Sulluɓawa ko Sharifai, amma ba wanda ke liƙa waɗannan a bayan sunansa kullum.

Wanda ya daskarar da sunan, ya hana shi sauyawa, shi ne mai rajista. Malamin makarantar boko, da mushen lakwal, da magatakardan soja, da mai rubuta haraji, da mai ba da fasfon aikin hajji, duk suna da gurbi biyu a takardarsu, kuma dole a cika na biyun. Abin da aka faɗa musu a ranar, ko abin da kunnensu ya ji, shi ya zauna. A Arewacin Nijeriya makarantu sun fi cika gurbin da sunan gari, shi ya sa ka ji Aminu Kano da Shehu Shagari da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Sa'adu Zungur. A Nijar an fi sa sunan uba, har yau ma haka akasarin takardu suke, mutum da sunan mahaifinsa. A rundunar sojan Gwalkwas, wato Gana ta yau, an riƙa rubuta mutum da sunan ƙabilarsa ko garin da ya ce ya fito. Sojan nan da ake cewa shi ya fara harba bindiga a ɓangaren Ingila a yaƙin duniya na farko, a ƙasar Togo cikin Agustan 1914, sunansa a takarda Alhaji Grunshi, ka ga ƙabila ce ta zama suna. A Sudan kuwa tsarin sunaye huɗu ake bi, naka da na mahaifinka da na kakanka da na mahaifin kakanka, wanda ga mai bincike alheri ne babba, tunda takarda ɗaya ta ba ka ƙarni huɗu. Waɗanda suka zauna a Makka da Madina da Jidda su kuma nisba aka yi musu irin ta Larabawa, suka zama Hausawi da Barnawi da Fallata.

Saboda haka tambayar da ta fi amfani ba ita ce "mene ne ma'anar sunanmu" ba. Ma'ana kowa zai faɗa maka a bakin kasuwa. Tambayar ita ce: wane ne mutum na farko da aka kira da wannan suna a gidanmu, kuma wane ne na farko da aka rubuta masa shi? Sau da yawa mutum biyu ne daban, tsakaninsu ƙarni ɗaya ko biyu.

Sunan da ya fito daga kaka shi ya fi sauƙin bi, amma shi ma yana da tsalle. Dubi Sardaunan Sakkwato. A makaranta Ahmadu Raba aka san shi, da sunan garin da aka haife shi. Bello ɗin da duniya ta san shi da shi ba mahaifinsa ba ne. Mahaifinsa Ibrahim, kakansa Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Raba, shi kuma ɗan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Wato an tsallake mutum biyu aka ɗauko wanda ya fi shahara. Wanda bai san wannan ba, ya zauna zai zana bishiyar gidan, sai ya sa Bello a gurbin uba, lissafinsa ya ɓace da kusan shekara sittin. Wani lokaci ma wanda aka jingina sunan gare shi ba kaka ba ne sam. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 ya rasu a Kano a 1955, mahaifinsa Abdullahi ne, Ba'agale ɗan fatauci. Tata, kamar yadda tarihin gidan ya zo, ita ce matar da ta raine shi bayan rasuwar uban. Yau zuriya guda mai yawa tana ɗauke da sunan mai raino. Don haka duk inda ka ga "Ɗan" a farkon suna, kada ka yanke cewa abin da ya biyo baya sunan uba ne. Yana iya zama uwa, ko mai goyo, ko gari, ko rana, kamar Ɗanjuma da Ɗanladi da Ɗan'asabe.

Sunan sana'a kuwa, a ido kamar ba shi da wata matsala. Maƙeri, Wanzam, Dillali, Maigoro, Maishanu, Maiturare, Tela, kowa ya ji ya san abin da ake nufi. Amma a nan ne na fi ganin mutane suna faɗawa rami, domin Hausa tana da laƙubba da yawa masu kama da sunan sana'a alhali ba su da alaƙa da ita. Maitama, idan ka fassara shi kai tsaye, mai tama ne, dutsen da ake narkawa a fitar da ƙarfe, sai ka ce lalle gidan maƙera ne. Alhali Maitama laƙabi ne da ake yi wa mai suna Yusufu, kamar yadda ake ce wa Abubakar Garba, Umaru Sanda, Usmanu Shehu. Marigayi Ɗan Masanin Kano, Yusuf Maitama Sule, ga misali nan a fili. Maikasuwa sau da yawa yaro ne da aka haifa ranar da kasuwar garin ke ci, ba wani attajiri ba. Maikuɗi da Maiwada fata ne na iyaye. Bawa ma, da wasu ke jin nauyinsa, laƙabi ne da ake yi wa 'ya'yan gida tun fil azal, ba hujja ba ce ta cewa an taɓa bautar da mai shi.

Yadda za ka gane sunan sana'a na gaske shi ne sana'a tana barin sawu. Idan ta gado ce, ba haye ba, za ka tarar da ita a fiye da mutum ɗaya: baffa ya yi, ƙanen kaka ya yi, akwai tsohuwar uwar maƙera ko zabira ko ƙotar fawa da aka ajiye a wani ɗaki, gidan yana cikin unguwar masu sana'ar ko kusa da ita, kuma aurensu na da yana yawan komawa gidajen masu irin aikin. Idan ka bincika ba ka sami ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, to ka fara zargin laƙabi ne. Akwai kuma akasin haka, wanda ya kamata a faɗa ba kunya: gidaje da yawa sun ajiye sunan sana'arsu da gangan lokacin da 'ya'yansu suka shiga boko, musamman sana'o'in da mutane ke yi wa kallon raini, kamar fawa da jima da roƙo. Rashin sunan a takarda bai nuna ba a yi sana'ar ba.

Na sarauta shi ne mai daɗin ji, shi ne kuma ya fi jawo rigima. Galadima, Ciroma, Yarima, Waziri, Maina, Kacalla, da yawansu daga Barno suka shigo ƙasar Hausa, shi ya sa za ka same su tun daga Damagaram har Garwa da Marwa da Injamena, kowace ƙasa da irin rubutunta. Akwai gidajen da sarautar ta zama sunansu da gaskiya, kamar zuriyar Zarmakwai na Dosso da ke rubuta Djermakoye. Amma hanyoyin da sarauta ke shiga sunan mutum sun fi ɗaya. Yaron da aka sa wa sunan sarkin gari ko liman ko alƙali, mutanen gida ba za su iya kiran sunan gatsau ba saboda kunya da girmamawa, sai su riƙa ce masa Maigari ko Sarki ko Liman ko Alƙali, ya girma da shi, ya haifi 'ya'ya, a rubuta musu shi a makaranta. Barori da bayin gidan Galadima, da almajiran da suka tashi a zaurensa, idan aka kai su rajista sau da yawa da sunan maigidan ake rubuta su. Sannan sarautar kanta hawa-hawa ce. Akwai Galadiman babban sarki, akwai Galadiman dagaci, akwai na Sarkin Zango, akwai ma na ƙungiyar samari. Duk Galadima ne, amma ba rawani ɗaya ba. Don haka idan an ce maka kakanku Galadima ne, tambaya ta gaba ita ce Galadiman wa, wane sarki ya naɗa shi, wa ya gada, wa ya gaje shi. Fada ba ta mantuwa da jerin masu manyan sarautunta, makaɗa da maroƙan fada suna iya jero maka su. Idan sunan kakanku bai fito a jerin ba, ba wai an yi maka ƙarya ba ne dole, wataƙila dai ana nufin wani rawanin ne ƙarami.

To, mu koma kan Madugu, mu ɗora ka a matsayin mai wasiƙar, mu bi abin daki-daki.

Madugu ba sarautar fada ba ce, kuma ba sana'a ba ce kamar ƙira. Muƙami ne na tafiya. Shi ne shugaban ayari, shi ke zaɓar hanya, shi ke ciniki da sarakunan da za a ratsa ƙasarsu kan kuɗin fito da na wucewa, shi ke raba gardama a zango. Yana da jagaba mai shiga gaba, da uban dawaki, da malamin ayari mai duba ranar tashi da riƙe lissafi. Ayarin Gwanja yakan tashi daga Kano ko Katsina ko Sakkwato da jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, ya haye Kwara, ya ratsa ƙasar Bargu, ya bi ta Sansanin Mango da Yandi ya sauka Salaga, ya juyo da goro. Tafiya ce ta watanni. Abin da ya sa na kawo wannan shi ne, aikin yana da zamaninsa, kuma zamanin ya ƙare. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa kasuwar, fatake suka bazu zuwa Kete Karachi da Kintampo da sauran wurare, daga baya Kumasi. Jirgin ƙasa ya isa Kumasi a 1903, ya isa Kano a 1911, goro ya koma bin teku zuwa Ikko sannan ya hau jirgi zuwa arewa. Daga nan manyan ayarin ƙasa suka yi ta ja da baya. Wanda ya ja ayarin Gwanja da gaske, lalle ya zama cikakken mutum mai faɗa a ji kafin wajen 1910.

Yanzu ɗauki takarda ka yi tsani, daga kanka zuwa sama, kowane mutum da layinsa. Kada ka rubuta suna ɗaya kawai. Rubuta sunan yanka, da laƙabin da ake kiransa a gida, da wanda ake kiransa a kasuwa, da inda aka haife shi, da inda aka binne shi, da sunan matansa da garuruwansu. A ce an haife ka a 1985. Takardar mahaifinka ta ce 1950. Kakanka ba shi da takardar haihuwa, amma goggonka ta ce yana saurayi mai ƙarfi, bai yi aure ba, lokacin girgizar ƙasar da ta yi ɓarna a Ankara. Wannan girgiza a 1939 aka yi ta. Saurayin da bai yi aure ba a lokacin, ka ba shi shekara ashirin zuwa ashirin da biyar, ka ga haihuwarsa ta faɗa tsakanin 1914 da 1919. To, tsaya nan. Mutumin da aka haifa bayan jirgi ya isa Kano ba zai zama madugun ayarin jakuna ba. Idan har shi ake kira Madugu, ɗayan uku ne: ko ya gaji sunan daga mahaifinsa, ko an sa masa sunan wani madugu ne aka saya da laƙabin, ko kuwa shugabancin wata tafiyar ce ta daga baya, kamar ta masu koro shanu daga arewa ko ta 'yan motocin goro, aka ba shi sunan girmamawa.

Sai ka hau mataki na huɗu, mahaifin kakan. Idan ka ba kowane ƙarni shekara talatin zuwa talatin da biyar, wanda shi ya fi dacewa da layin maza a gidajen da ake auren mace fiye da ɗaya ana haihuwa har tsufa, za ka same shi wajen 1880. A 1905 yana da shekara ashirin da biyar. Zai iya kasancewa cikin ayari, ƙwarai kuwa, amma madugu? Da wuya, sai dai in ɗan madugu ne yana bin ubansa. Idan kuma kakanka ɗan tsufa ne, aka haife shi uban yana da shekara hamsin ko fiye, to uban ya koma wajen 1865, lissafi ya zauna daram. Ka ga ashe tambaya ɗaya ƙarama, wato kakanka shi ne na nawa a wurin ubansa, ita za ta raba maka gardamar. Irin waɗannan tambayoyin ake zuwa da su wurin tsofaffi, ba "ba ni tarihin gidanmu" ba, wanda amsarsa kullum ita ce labarin da aka riga aka goge aka shafa wa mai.

Game da tsofaffin, fara da mata. Goggo da inna da kishiyoyin kaka sun fi maza riƙe sunaye, domin su ke zuwa biki da suna, su suka san wa ya auri wa, wa aka yaye a gidan wa. Matsalarsu guda, ba za su ambaci sunan miji ko suruki ko ɗan fari ba. Za ka ji "Malam" da "Maigida" da "mai sunan Baba". Kada ka matsa, sai ka sami wata jikar ko maƙwabciya a gefe ta faɗa maka sunan. Je wa kowa shi kaɗai, kada ka tara su, domin in an taru babba ke magana saura su yi shiru ko da sun san ba haka ba ne. Kada kuma ka sa musu amsa a baki. In ka ce "Goggo, ai daga Kano muka zo ko?" za ta ce eh. Ce mata, "Goggo, da kuna yara, baƙin da ke sauka gidan nan daga wane gari suke zuwa?" Idan ta yarda, ɗauki muryarta a waya, ka rubuta ranar da sunan wanda ya yi maganar.

Shekaru kuwa ba a tambayarsu da lamba, da abin da ya faru ake kamo su. Yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, yaƙin Hitila daga 1939 zuwa 1945, korar baƙi daga Gana a ƙarshen 1969. Idan asalin Kano ne, zamanin sarakuna ma'auni ne mai kyau: Alu daga 1894 zuwa 1903, Abbas zuwa 1919, Usman zuwa 1926, Abdullahi Bayero zuwa 1953. Wanda aka ce ya bar gida "lokacin basasa" yana nufin rikicin Tukur da Yusufawa da ya fara a 1893. A kula da sunan gari ma. A zango, "Kano" kan zama sunan duk ƙasar Kano, mutumin Bebeji ko Ƙaraye ko Bichi duk Bakano ne in ya yi nisa. "Katsina" kuma tana iya zama Maraɗi, tunda sarakunan Katsina na Haɓe can suka koma bayan jihadi, kuma har yau Sarkin Katsina ake ce wa mai Maraɗi.

Akwai shaidu biyu da ba su cika ƙarya ba, domin ba don kai aka tanade su ba. Ɗaya aska. Nemi tsohon hoton kaka, ko ka sa tsohuwa ta zana maka da yatsa a fuskarta yadda tsagarsa take, ka kai wa tsohon wanzami. Fataken goro na Kano da yawa Agalawa ne ko Tokarawa ko Kambarin Barebari, kuma wanzamin da ya gaji aikin zai iya gaya maka wace aska ce ta wa. Ɗaya kuma kirari. Maroƙin da ya gaji roƙon gidanku yana ɗauke da sunayen da ku kun manta, a jere, wani ɗan wani. Sai dai ka tuna abincinsa ke nan, yana iya ƙara maka wani babban suna a sama don ya faranta maka. Sunayen tsakiya, waɗanda ba kowa ya san su ba, su ne abin riƙewa.

Bayan baki sai takarda, kuma ta gida ita ce gaba da ta gwamnati. Buɗe tsohuwar adaka. Duba bangon Alƙur'anin kaka da gefen kundinsa, malamai kan rubuta haihuwa da rasuwa a nan da ajami ko Larabci, kuma mai kwafar littafi kan sa sunansa da na ubansa da garinsu a shafin ƙarshe. Duba takardar filin gidan, da rasiɗin haraji, da fasfon hajji, da littafin sallama daga soja in akwai. Kowace ka samu, rubuta yadda aka rubuta sunan harafi da harafi, da shekarar. A nan za ka ga ranar da laƙabi ya zama sunan iyali: takardar fili ta ce Malam wane ɗan wane, ba Madugu a ciki, sai rajistar makarantar mahaifinka ta zo da Madugu a gurbi na biyu. To ka gano wanda aka fara rubuta wa.

Idan bincike ya kai ka ƙasashen da Faransa ta mulka, sai ka saba da rubutunsu. Madugu zai zama Madougou, Ciroma ya zama Tchiroma, Maigari ya zama Maïgari, Sarki ya zama Serki. A Gana da Nijeriya kuma za ka ga Chiroma da Yerima. Nemi kowane irin rubutu, kada ka tsaya kan naka. Kalmar dit a tsakanin sunaye biyu tana nufin "wanda ake kira", wato abin da ya biyo ta laƙabi ne, kuma wannan kyauta ce ga mai bincike. Inda ka ga né vers kafin shekara, ƙiyasi ne aka yi, galibi a takardar da kotu ke bayarwa ga wanda ba a yi wa rajista da haihuwa ba, mai suna jugement supplétif. Irin wannan shekara tana iya kaucewa da biyar ko fiye, musamman in an rage ta don yaro ya samu shiga lakwal.

Gidajen ajiyar tarihi na gwamnati su ne na ƙarshe, ba na farko ba. Akwai na ƙasa a Kaduna da Yamai, akwai na Gana a Ankara da Kumasi da Tamale, akwai Gidan Ɗan Hausa a Kano da cibiyar Waziri Junaidu a Sakkwato. Amma kada ka je da tunanin za ka ba da sunan iyali a miƙo maka fayil. Ba a jera takardun da sunan talaka ba, an jera su ne da lardi da gunduma da batu. Abin da za ka iya samu shi ne rahoton gunduma, da jerin masu unguwanni da sarakunan zango, da shari'ar gado ko ta fili. Sai ka riga ka san gari da unguwa da kimanin shekaru kafin zuwanka ya yi amfani. Mai sarauta da wanda ya taɓa shiga kotu sun fi barin sawu a can. Madugun da ya yi fataucinsa lafiya ya mutu, mai yiwuwa ba ko layi ɗaya a kansa.

Wani abu da ba a so a faɗa a rediyo amma dole a faɗa: ayari ba 'ya'yan madugu kaɗai ke cikinsa ba. Akwai yaran gida, akwai 'yan alaro masu ɗaukar kaya, akwai bayi. Da yawansu sun zauna a gidan maigidansu a zango, an aurar da su a nan, jikokinsu sun tashi da sunan gidan. Kana iya fara bincike da neman madugu ka ƙare da gano cewa naka kakan yaron madugu ne. Ka shirya wa wannan tun kafin ka fara, kuma abin da ka gano game da wani reshe na gidan, kada ka kai shi dandali ko ka watsa a waya kafin ka zauna da manyansu.

Baƙin da suka zo da Madougou a takardarsu fa? Madugai sun yi yawa a kan hanyar Gwanja, kowane babban gari da nasa, kuma madugu ɗaya kan ajiye iyali a zango fiye da ɗaya, don haka maganarsu tana iya zama gaskiya, tana iya zama haɗuwar suna kawai. Abin yi shi ne su ma su yi nasu tsanin, su kaɗai, ba tare da sun ga naku ba. Sannan a ba wani dattijo da ɓangarorin biyu suka yarda da shi, ko limamin unguwa, ya ɗora takardun biyu gefe da gefe. Ba kalmar Madugu zai duba ba. Zai duba sunan yankan mutumin da na mahaifinsa, da garin asali, da askar gidan, da ko tsofaffin matan kowane ɓangare sun san sunan matar da aka ce an aura a ɗaya garin. In waɗannan sun haɗu a kan mutum ɗaya a zamani ɗaya, to akwai magana, sai a tafi gaban alƙali ko malamin da ya san rabon gado da shaidu, domin shi gado da nasaba tabbatacciya ake raba shi. In kuwa nasu madugun Umaru ne mutumin Katsina, naku Abdu ne mutumin Bebeji, to abokan hanya ne, a ba su ruwa da masauki a sallame su da mutunci.

Mai wasiƙar Kumasi ya ce akwai wata ƙanwar kakansa da ta rage da rai a Tamale, ta haura shekara casa'in. Mun ba shi shawarar ya hau mota cikin makon nan, ya tafi mata da goro da turare, kuma tambayar farko da zai yi mata ita ce, a cikin 'ya'yan babansu, wa ya girmi wa.